Yadda ake rubuta umarnin gyara hoton girkin gida ya dace da talla ba tare da an yi wa mai saye algus ba

A garuruwa irin su Gwiwa, Roni da Kazaure da ke arewa maso yammacin Jihar Jigawa, matan da ke girkin sayarwa daga cikin gida sun daɗe da komawa WhatsApp don neman kasuwa. Ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ba zai iya barin shagonsa da rana ba, yakan ga hoton abincin a wayarsa kafin ya aika da kuɗi. Matsalar ita ce, girkin da ya yi daɗi a baki ba lallai ba ne ya yi kyau a hoto. Tuwon da aka tuƙa da kyau yakan fito kamar dunƙulen alli, miya kuma ta fito da duhu, ga ƙyallin mai ya haske ta ko'ina.

Wannan ne ya sa mutane da yawa suka koma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu gyara hoto. Tun daga watan Maris na 2025 da ChatGPT ya inganta sashensa na hoto, da kuma watan Agusta na shekarar da Google ya fitar da samfurin da aka fi sani da Nano Banana a cikin Gemini, mai riƙe da ƙaramar waya na iya ɗora hoton abincinsa, ya rubuta 'yan jimloli, a mayar masa da hoto mai tururi da haske kamar na babban gidan abinci. Waɗannan 'yan jimloli su ne ake kira umarni. A cikinsu ne ake cin riba, a cikinsu ne kuma ake yin ɓarna, domin umarnin da bai faɗi abin da ba a yarda a taɓa ba yakan dawo da hoton abincin da ba a taɓa dafawa a gidan ba.

Abin da manhajar ke yi wa hoton

Wajibi ne a fara fahimtar cewa waɗannan manhajoji ba sa aiki kamar mai wankin hoto na da, wanda zai ƙara haske ko ya rage duhu, hoton kuma yana nan yadda aka ɗauke shi. Abin da suke yi shi ne su dubi hoton da aka ba su, su karanta umarnin, sannan su sake zana wani sabon hoto mai kama da shi. Duk inda umarnin ya yi shiru, manhajar za ta cike gurbin da abin da ta fi sabawa da shi a cikin ɗimbin hotunan da aka horar da ita da su.

A nan ne girkin Hausa ke shiga matsala. Hotunan taliyar Italiya, gasasshen naman Turawa da miyar Indiya sun cika intanet, amma na tuwon dawa da miyar kuka ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka idan manhajar ta ga farar malmala, za ta iya mayar da ita shinkafa mai warwara ko dakakken dankalin Turawa. Idan ta ga miyar taushe, za ta iya tsinka ta, ta yi mata santsi kamar miyar kabewar Turawa, ta ɗora mata wani koren ganye a tsakiya wanda babu shi a lambun kowa a Gwiwa. Miyar kuka kuwa, da yake launinta ba ya ɗaukar ido, sau da yawa takan dawo shar kamar an niƙa ɗanyen alayyafo.

Duk wanda ya rubuta gajeren umarni irin wannan, ya miƙa wa manhajar wuƙa da nama:

```
Make this food look delicious and professional
```

Ma'anarsa ita ce a sa abincin ya zama mai ban sha'awa kamar aikin ƙwararre. Bai faɗi sunan abincin ba, bai faɗi yawansa ba, bai kuma hana komai ba. Abin da zai biyo baya hoto ne mai kyau, amma na wani gidan abinci da babu shi a duniya.

Hoton farko shi ne tushe

A ɗauki misalin wata mai girki a cikin garin Gwiwa da ke sayar da tuwon shinkafa da miyar taushe. Abin da take zuba wa mai saye ƙayyadadde ne: malmala biyu, ludayi biyu na miya, da tsokar naman sa guda uku. Tana son hoton da za ta sa a jerin kayanta na WhatsApp Business, ta kuma buga shi a ƙaramar takardar jerin abinci da za a raba a ofisoshi.

Aikinta na farko ba rubutu ba ne, ɗaukar hoto ne mai kyau, domin gwargwadon yadda hoton asali ya fito sarai, gwargwadon yadda manhajar za ta rage ƙirƙira. Za ta fara da goge idon kyamarar wayar da tsumma mai laushi, saboda wayar da ke yawo a madafa ba ta rabuwa da maiƙo, shi ne kuma ke sa hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazo. Sai ta kashe kwan lantarkin ɗakin da filashar wayar. Filasha tana dukan abinci gaba da gaba, ta kashe duk wata inuwa, ta kuma mayar da man da ke saman miya madubi.

Da yake tagogin yawancin gidaje ƙanana ne, ƙofar ɗaki ko bakin rumfa sun fi ba da haske. Za ta ajiye ƙaramin tebur a cikin inuwa daf da ƙofar, ta yadda hasken zai zo wa farantin daga hagu, ita kuma ta tsaya ƙofar tana gefenta, ba a bayanta ba. Bai kamata rana ta taɓa abincin kai-tsaye ba. Idan ɓangaren dama ya yi duhu da yawa, farin kwali ko farin mayafi da aka tsayar a can zai mayar da ɗan haske ya sassauta inuwar.

Wayar za ta kasance a karkace, kamar yadda idon mutumin da ya zauna cin abinci ke kallon faranti, wato kusan digiri 45. Hoton da aka ɗauka daga sama tsaye yana da kyau ga tiren da aka jera abubuwa da yawa, amma yana baje tudun malmala, kuma tururi ba ya fitowa a cikinsa. Idan wayar tana da maɓallin 2x, gara ta ja da baya kaɗan ta yi amfani da shi, domin matso da waya kusa sosai yana kumbura abin da ke gaba ya ƙanƙantar da na baya. A ƙarshe, ta shirya teburin da hasken kafin ta zuba abincin. Cikin 'yan mintuna miyar taushe takan yi yana a sama, mai ya tattaru a gefe, bayan tuwon kuma ya fara bushewa.

Umarnin da ma'anar kowane layi

Manhajojin suna ɗan gane Hausa, amma sun fi kiyaye ƙananan bayanai idan an rubuta da Turanci, domin da shi aka rubuta mafi yawan bayanan hotunan da suka koya daga gare su. Ga umarnin da ya dace da farantin wannan mai girki, bayan ta ɗora hoton:

```
Edit this photo of tuwon shinkafa and miyar taushe: two smooth
white mounds of mashed rice, thick pumpkin and groundnut soup,
three pieces of beef.
Keep the food, portion, plate and camera angle exactly the same.
Soft warm window light from the left, gentle shadows on the right.
Keep the tuwo white.
Thin natural steam rising from the soup only.
Clean the plate rim. Plain dark table, blurred background.
No garnish, no extra meat, no cutlery, no text.
```

Layukan farko suna gabatar da abincin. An kira shi da sunansa na Hausa, sannan aka siffanta shi: malmala biyu masu santsi na tuƙaƙƙiyar shinkafa, miya mai kauri ta kabewa da gyaɗa, da nama guda uku. Sunan kaɗai ba ya isa, tunda manhajar ba lallai ta san shi da kyau ba. Siffar ita ce ke hana ta mayar da tuwo wani abu dabam. Ambaton adadi kuma ba ado ba ne. Manhajar da aka gaya wa uku ta fi tsayawa a kan uku fiye da wadda aka ce wa kada ta ƙara nama kawai.

Layin da ke biye shi ne ƙashin bayan umarnin gaba ɗaya. Yana cewa a bar abincin, yawansa, farantin da kusurwar da aka ɗauki hoton yadda suke. Da wannan jimla ce aka raba abin da aka yarda a gyara da abin da aka kulle. Haske, tururi da bayan hoto suna cikin na farko. Abin da mai saye zai biya kuɗi ya ci yana cikin na biyu.

Sauran layukan suna magana ne a kan abubuwa uku da ke bambanta hoton talla da hoton gida, wato haske, tururi da tsarin faranti. Kowannensu yana da dalili da iyaka.

Dalilin hasken gefe

Ido yana gane laushi, kauri da tudun abu ne ta hanyar inuwa. Hasken da ya zo daga gefe yana haska ɓangare ɗaya na malmala ya bar ɗaya cikin inuwa mai sauƙi, sai ta fito a mulmule. Yana kuma bin saman miya a kwance, ta yadda ganyen alayyafo, gutsattsarin kabewa da zaren nama za su fito da 'yan ƙananan inuwoyinsu. Hasken da ya zo daga gaba ko daga sama yana shafe wannan duka.

Abin lura shi ne, dole ɓangaren da aka rubuta a umarnin ya dace da na hoton asali. Idan ƙofar tana hagu lokacin da aka ɗauki hoton, sai a rubuta hagu. Idan aka rubuta dama, manhajar za ta ƙirƙiro sabuwar inuwa alhali ragowar tsohuwar tana nan, sai faranti ya fito da inuwa biyu da ke kallon juna. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma zai ji a ransa cewa hoton ba na gaskiya ba ne.

Batun ɗumin haske kuma, masu ɗaukar hoto suna auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Hasken rana tsaka yana kusan 5500, fararen kwayayen lantarki na zamani da suka cika gidaje sukan kai 6500 su yi shuɗi-shuɗi, tsohon kwan nan mai jan haske kuma yana kusan 2700. Idan lambar ta yi ƙasa, hasken yana ƙara ja da rawaya. Haske mai shuɗi yana sa nama ya yi toka-toka, miya ta yi kamar ta kwana. Haske mai ɗan ja yana tayar da launin manja, tattasai da kabewa, shi ya sa ake son sa. Wanda ya ga dama zai iya ƙara 4000K a layin hasken, sai dai ya sani cewa manhajar tana ɗaukar lambar a matsayin ishara ne, ba ta auna ta kamar kyamara.

Haɗarin yana kan farin abinci. Idan ɗumin ya yi yawa, tuwon shinkafa yakan koma rawaya kamar na jar masara, ko ya yi kamar tsohon tuwo. Wannan ne amfanin gajeren layin da ke cewa a bar tuwon da farinsa. Haka abin yake ga waina, sinasir, farar shinkafa da kindirmo.

Tururi: kaɗan, kuma a inda ya dace

Abin da ido ke gani a matsayin tururi ƙananan ɗigon ruwa ne da ke samuwa idan zafin da ke tashi daga abinci ya haɗu da iska mai sanyi. Shi ya sa da safiyar hunturu, a watan Disamba ko Janairu, kwanon koko ke ta tururi a Gwiwa, amma a watan Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40, tukunyar da aka sauke yanzu ba ta nuna kusan komai a hoto. Tururi kuma fari ne, don haka ba ya fitowa sai bayansa da duhu, hasken kuma ya zo masa daga gefe ko daga baya. Wannan ne ya haɗa layin tururi da layin da ke neman tebur mai duhu. Idan aka nemi tururi a gaban farin bango, manhajar takan yi shi da kauri da toka-toka don ya fito, sai ya zama hayaƙi, abincin ya yi kamar yana ƙonewa.

Ƙara tururi ba sabon abu ba ne a wannan sana'a. Tun kafin zuwan waɗannan manhajoji, masu shirya abinci don hoton talla sukan jiƙa auduga, su ɗumama ta sosai, su ɓoye ta a bayan faranti. Tururin ba ya canza abin da za a ci, yana dai nuna cewa da zafinsa ake ba da shi. Saboda haka bai dace da kowane abinci ba. Fura da nono, zoɓo, kwaɗon zogale ko dambun nama ba su da tururi, kuma hoton da ya nuna su suna tururi abin dariya ne a wurin duk wanda ya san su.

Kalmomi biyu ne ke aiki a layin: siriri, da kuma daga miyar kaɗai. Idan ba a faɗi tushensa ba, tururin yakan taso daga teburin, daga bakin farantin, ko ya rataya a sama bai taɓa komai ba. Tururin gaskiya yana farawa daga saman abincin, ya yi laƙwasa, ya baje yana sama, kuma ana hango abin da ke bayansa.

Tsarin faranti: abin da hannu zai yi, kada a bar wa manhaja

A cikin abubuwan uku, wannan ne ya fi saurin jawo algus. Idan aka ce wa manhaja ta gyara tsarin abincin kamar na otal, ta sami izinin taɓa abincin kansa. Za ta sauya farantin, ta matsar da malmala, ta baje naman, ta yayyafa abin da ta ga dama. Mafita ita ce mai girkin ta yi tsarin da hannunta kafin ta ɗauki hoton.

Za ta zaɓi faranti marar zane, wanda abincin ba zai cika shi taf ba, ta bar kamar faɗin yatsu biyu a kewaye. Za ta mulmula malmalar da mara mai ɗan danshi don bayanta ya yi santsi, ta ajiye biyun a gefe ɗaya, ta zuba miyar a ɗaya gefen ko a ƙaramin kwano, ta kuma ɗago naman guda uku sama yadda za a gan su. Ɗago naman da ke cikin miyar ba laifi ba ne, tunda yana nan. Abin da ya rage wa manhajar shi ne goge ɗigon miya a bakin farantin da kawar da tarkacen baya, kamar bokiti, wayar caji ko tsohuwar ledar tebur.

Layin ƙarshe na umarnin yana hana ganyen ado, ƙarin nama, cokula da rubutu. An hana cokali da wuƙa domin manhajar takan jera su a gefen tuwo, takan kuma yi cokali mai yatsu da ba su daidaita ba. An hana rubutu domin tana yawan gurɓata haruffa, musamman masu lanƙwasa irin su ƙ, ɗ da ɓ. Sunan mai girki, farashi da lambar waya gara a sa su daga baya da manhajar tsara rubutu ta yau da kullum.

Yadda ake tantance sakamakon

Idan hoton ya fito, kada kyansa ya ruɗi mai shi. A ajiye shi gefe da gefe da na asali, a buɗe su da girma, a fara da ƙidaya. Malmala biyu ce har yanzu? Naman uku ne, ko ya koma biyar? Ko da adadin bai canza ba, tsokar ba ta ƙara girma ba? Sai a dubi miyar, ko kaurinta da launinta suna nan, ko kuwa ta yi sheƙi kamar an shafa mata man gashi. Sai a dubi bayan tuwon, domin a nan ne ƙwayoyin shinkafa ke bayyana inda babu su. A ƙarshe a bi inuwar farantin da ta malmala a ga ko duk suna fuskantar ɓangare ɗaya.

A misalin mai girkin Gwiwa, a ce hoton farko ya dawo da haske mai kyau, amma naman ya zama huɗu, tururin kuma ya rufe rabin miyar. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ci gaba da gyara a kan hoton da aka gyara. Tunda kowane zagaye sabon zane ne, kowane gyara yana ƙara nisanta hoton da asalinsa, kamar labarin da ya bi ta bakin mutum biyar. Bayan zagaye uku ko huɗu, farantin ya sauya siffa, miyar ta zama ta wani gida. Abin da ya fi shi ne a buɗe sabon shafi, a sake ɗora hoton asali da umarnin farko, a ƙara layi ɗaya:

```
Exactly three pieces of beef. Very faint steam, soup fully visible.
```

Wato nama uku cif, tururi ɗan kaɗan, miyar kuma a gan ta gaba ɗaya. Ko da umarni ɗaya aka maimaita, ba a samun sakamako iri ɗaya, don haka gwaji biyu ko uku daga hoton asali abu ne da aka saba. Idan duk sun ci gaba da sauya abincin, alama ce cewa hoton farko ya yi duhu ko ya yi dishi-dishi, kuma sake ɗaukarsa ya fi sake rubutu.

Akwai kuma batun girma. Yawancin waɗannan manhajoji suna mayar da hoto mai faɗin ɗigo dubu ɗaya da 'yan kai. Wannan ya wadatar a fuskar waya. Amma maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoto mai faɗin ɗigo 1024 zai fito tas ne a faɗin kusan santimita 9 kawai. Ya isa ƙaramar takardar jerin abinci, amma idan aka ja shi ya cika babban shafi, zai yi laushi ya ɓata. Wajen aika wa mai buga takarda, a tura shi ta WhatsApp a matsayin Document, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi ta rage ingancinsa.

Inda kwalliya ke komawa yaudara

Rigimar hoton abinci ta girmi ƙirƙirarriyar basira. A 1968, an gano cewa a tallan miyar kamfanin Campbell na Amurka ana zuba ƙananan duwatsun gilashi a ƙasan kwano domin kayan lambu su taso sama, miyar ta yi kamar ta fi yadda take kauri. Hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta shiga maganar, kamfanin kuma ya amince ya daina. A watan Agusta na 2024, shugaban kamfanin kai abinci na Zomato a Indiya, Deepinder Goyal, ya sanar da cewa za su cire hotunan abincin da aka ƙirƙira da manhaja daga jerin abincin gidajen da ke hulɗa da su, saboda suna yaudarar masu saye, suna jawo ƙorafi da neman a mayar da kuɗi.

A Najeriya, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta gabatar da kaya ta hanyar ƙarya ko mai ɓatar da mai saye. Hoton da ya nuna nama biyar a farantin da ake ba da uku gabatarwa ce ta ƙarya, ko da hannu aka ƙara naman ko da manhaja.

Sai dai a gari kamar Gwiwa, hukuncin kasuwa yana riga na hukuma zuwa. Masu sayen abincin mutane ne da suka san juna, suna zama a ofis ɗaya, suna haɗuwa a biki da suna. Ma'aikacin da ya buɗe kula ya ga abin da ya sha bamban da hoton da ya gani ba zai rubuta takardar ƙorafi ba. Zai nuna wa na kusa da shi wayar da kular, gobe kuma odar ofishin gaba ɗaya ta koma wani gida.

Ma'aunin da mai girki za ta riƙe mai sauƙi ne. Kafin ta sa hoton a kasuwa, ta zuba faranti ɗaya kamar yadda take zuba wa kowa, ta ajiye wayar a gefensa, ta kira wani a gidan ya duba. Idan bambancin da ya gani na haske ne, na tururi da na tsabtar tebur, hoton ya halatta. Idan kuwa ya tambayi ina sauran naman, sai a koma kan hoton asali a sake rubuta umarnin.